Malamina ya dawo mini da furofozal, Baffa kuma ya daina sakar mini fuska

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, kuma ina digiri na biyu a fannin siyasar tattalin arziki. An ce kowa ya kawo furofozal mai tambayar bincike, hujja, tsarin aiki, ladubban bincike da iyakokinsa. Nawa taken shi ne "Yadda 'Yan Siyasa Ke Karkatar da Takin Tallafi a Jihar Jigawa". Sau biyu malamin da ke duba aikina yana dawo mini da shi, na ƙarshe ma abin da ya rubuta a kai kawai shi ne "Ina tambayar?" Ga kuma wata damuwar: baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana cikin kwamitin rabon taki na mazaɓarmu. Ya ji labarin abin da nake rubutawa, yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Saura mako biyar a rufe karɓa. In sauya batun ne gaba ɗaya? Ni kuwa da idona na ga abin da ake yi.

Wani ɗalibi, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sauya batun. Rabon taki batu ne da ya cika sharaɗin fanninku, domin akwai dukiyar gwamnati, akwai masu iko a kanta, akwai kuma masu samu da masu rasawa. Gyaran da kake bukata yana cikin taken, kuma a ganina gyara ɗaya ne zai sassauta maka duka matsalolin biyu.

Sake karanta taken naka a matsayin wanda bai san ka ba. Ya riga ya faɗi cewa ana karkatarwa, ya faɗi masu yi, abin da ya rage kawai shi ne a tara shaida. Malaminka ya karanta ya ga babu abin da za ka gano wanda ba ka riga ka yanke ba. Baffanka ya ji, ya fahimci cewa ɗan da ya riƙe ya gama yi masa shari'a kafin ya ji ta bakinsa. Kowannensu abu guda ya gani, kuma da gaskiyarsu a nan. Ba ina cewa idonka ya yi maka ƙarya ba ne. Abin da ka gani shi ya kai ka ga batun, kuma yana da daraja. Sai dai ka ga rabo a wuri ɗaya, ta fuska ɗaya, ba ka ga gidajen da aka ba su katin karɓar taki suka kasa biya ba, ba ka kuma ga abin da ya faru a mazaɓar da ke gaba da taku ba.

Tambayar bincike ita ce wadda amsarta za ta iya ba ka mamaki. Ga yadda zan so ka gwada rubuta taka: "A rabon takin tallafi na daminar bara, a ƙaramar hukuma ɗaya ta Jigawa, me ya bambanta gidajen manoman da suka samu da waɗanda ba su samu ba: kusanci da masu rubuta suna, alaƙa da jam'iyya, girman gona, ko samun kuɗi a hannu ranar biya?" Lura da abin da ya canja. Jiha mai ƙananan hukumomi 27 ta koma ƙaramar hukuma ɗaya, wadda malamin makaranta mai babur zai iya zagayawa. Shekaru marasa iyaka sun koma damina ɗaya, wadda manomi zai iya tunawa. Shirin ma ka zaɓi guda, ka ambaci sunansa da shekararsa, domin na tarayya daban, na jiha daban, wanda wani ɗan majalisa ya saya ya raba da sunansa shi ma daban, kuma kowanne da ƙa'idarsa. Mafi muhimmanci, zarginka na farko yana nan a ciki, amma yanzu yana takara da wasu bayanai uku waɗanda za su iya kayar da shi.

Zan daɗe a kan wannan na ƙarshen, wato kuɗi a hannu, saboda shi ɗalibai suka fi tsallakewa. Takin tallafi sau da yawa ba kyauta ba ne, ragi ne. A shirin tallafin taki na GES da gwamnatin tarayya ta fara a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, manomin da aka yi wa rajista yana samun saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu, amma sai ya biya kusan rabin kuɗin. To, yaushe ake wannan biyan? A farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga kuɗin huɗa da na iri. Manomin da sunansa ya fito amma aljihunsa babu komai yana iya miƙa wa ɗan kasuwa katinsa ya karɓi ɗan abin cefane. Ranar kasuwar Gujungu sai ka ga buhun a rumfa, ka ce an karkatar. Lalle buhun bai je gonar da aka nufa ba, amma dalilin ba shi ne wanda ka zata ba, kuma maganinsa ma daban ne.

Saboda haka kada ka tambayi manomi "ka samu taki?" ka tsaya a nan. Ka bi buhun mataki-mataki. Shin ya ji labarin rabon kafin a rufe rubuta suna? An rubuta sunansa? An ba shi kati ko an kira shi? Ya biya ya ɗauka, kuma buhu nawa, ko kuwa buhu ɗaya aka ce su raba su huɗu da kwano? A ƙarshe, ya zuba a gonarsa ko ya sayar? Inda mutane suka fi zubewa a wannan jeri, nan amsarka take. In akasari tun wajen rubuta suna aka bar su, kuma waɗanda aka rubuta sun fi zama dangi da surukan 'yan kwamiti, bayanin kusanci ya yi ƙarfi. In kuwa an rubuta su daidai wa daida amma talakawa suka zube a wajen biya, to kuɗi ne. In mazaɓa sukutum aka rage wa kaso tun daga sakatariya, maganar ta wuce kan kwamitin mazaɓa ma gaba ɗaya. Sanya wannan jerin a furofozal ɗinka, ka rubuta a gaban kowane bayani abin da kake sa ran gani in shi ne gaskiya, da abin da in ka gani za ka yarda ka yi kuskure. Da wuya malami ya ga wannan ya sake tambayar ina tambayar.

Sashen hujja kuwa kada ya wuce shafi biyu, kuma don Allah kada ka fara shi da tarihin noma tun kafin zuwan Turawa. Abu uku ake son ji: me aka riga aka sani, a ina masana suka saɓa, kai kuma wane gurbi za ka cike. An sani cewa Nijeriya tana tallafin taki tun shekarun 1970, kuma salon ya sha canji, daga gwamnati ta saya ta raba, zuwa rajistar waya ta 2012, zuwa shirin shugaban ƙasa na ƙarshen 2016 wanda ya mayar da hankali ga haɗa takin a cikin gida tare da sa wa buhun NPK farashin naira 5,500, shirin da gwamnan Jigawa na lokacin, Badaru Abubakar, ya shugabanci kwamitinsa. Saɓanin kuma na gaske ne. Akwai masu cewa mai mulki nasa yake fara ba wa, domin ya riƙe su. Akwai masu cewa a'a, inda ƙuri'a ke rawa yake kaiwa, domin nasa ba za su gudu ba. Binciken da aka yi a Zambiya ya nuna yankunan da jam'iyya mai mulki ta ci sun fi samun takin tallafi. Na Ghana kan rabon 2008 ya nuna akasin haka, gundumomin da ta faɗi ne suka fi samu. Wani kuma a yankin Kilimanjaro na Tanzaniya ya gano cewa gidajen zaɓaɓɓun shugabannin ƙauye sun kwashi kaso mafi tsoka na katunan. Nemo waɗannan ayyuka ka karanta su da kanka, kada ka dogara da taƙaitawata. Daga nan gurbinka ya fito fili: ka duba matakin mazaɓa da ƙauye a Jigawa, inda ake rubuta suna da biro, inda kansila da dagaci da shugaban ƙungiyar manoma da malamin gona suke zama a tabarma ɗaya, ka ga wanne daga cikin bayanan nan ya fi dacewa da abin da ke faruwa. Guji cewa "babu wanda ya taɓa bincike a kai". Ka ce "a abin da na samu karantawa", sannan ka faɗi inda ka duba.

Yanzu tsarin aiki, kuma a nan maganar Baffa ta shigo tun kafin mu kai ga ladubba. Cire mazaɓarku daga binciken. In da hali ma ka ɗauki ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da taku. Wannan ba tsoro ba ne kuma ba rufa wa kowa asiri ba ne. A garinku kowa ya san ɗan gidan wa kake. Wanda bai samu ba zai ji nauyin faɗa maka, ko kuma ya ƙara gishiri don saƙon ya isa kunnen Baffa. Wanda ya samu zai yi ta yabon kwamiti. Duk amsar da ka tara a can gurɓatacciya ce, kuma ranar kare aiki tambayar farko da za a jefo maka ke nan.

A ƙaramar hukumar da ka zaɓa, ɗauki mazaɓu huɗu. Biyu inda jam'iyyar da ke mulkin jiha ta ci da rata a zaɓen gwamna na Maris 2023, biyu inda ta faɗi ko ta sha da ƙyar. Sakamakon rumfunan zaɓe yana shafin IReV na hukumar zaɓe, kana iya tattara na kowace mazaɓa, sannan ka gwada da na ofishinsu na ƙaramar hukuma saboda wasu hotunan ba sa karantuwa. Ka haɗa mazaɓun bibbiyu masu kama da juna: nisansu da sito ɗaya ko kusa da haka, amfanin da suke nomawa iri ɗaya. In ka gwada mazaɓar fadama mai shinkafa a bakin kwalta da ta tudu mai gero da riɗi a can cikin yashi, duk bambancin da ka gani ba za ka san na siyasa ne ko na hanya ba.

A kowace mazaɓa ɗauki ƙauye biyu, a kowane ƙauye gida 15. Ya zama gida 120. Kuskuren da ke rusa irin wannan aiki shi ne a karɓi jerin waɗanda suka amfana daga hannun kwamiti a bi su ana tambaya. In ka yi haka, waɗanda aka bari, wato rabin tambayarka, ba za su taɓa bayyana ba. Haka kuma in ka ce mai unguwa ya tara maka mutane, mutanensa zai tara. Abin yi shi ne ka zagaya ƙauyen kai da wani matashi ɗan garin ku lissafa gidaje. A ce kun sami 210. Raba da 15, ka sami 14. Rubuta lamba 1 zuwa 14 a 'yan takardu, a ja ɗaya, a ce 6 ta fito. Ka fara da gida na 6, sai na 20, sai na 34, har ka cika. Rubuta tun yanzu abin da za ka yi in ba ka sami maigida ba: ka koma sau biyu a lokuta daban kafin ka maye gurbinsa da gidan da ke biye. Ka kuma fayyace abin da kake nufi da gida, domin ƙofa ɗaya tana iya ƙunsar magidanta uku masu gandu ɗaya da gayauna daban-daban. Mafi sauƙi shi ne ka ce waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Kada ka tsallake gidajen da mace ke riƙe da su, kamar gwauruwar da ke noma gonar marayunta, domin su aka fi mantawa a rubuta suna, kuma masu bincike ma su suke fara mantawa.

Takardar tambayoyinka kada ta wuce ta minti 25. Girman gona kada ka tambaya da hekta, mutane da yawa za su ba ka lamba ne don kada su ba ka kunya. Tambayi dami nawa ko buhu nawa ya samu a kakar da ta gabaci rabon, ko wuni nawa garmar shanu ke yi a gonar, ka haɗa da abin da ido ke gani: shanun huɗa, babur, injin ban ruwa, rufin kwano. Na ce kakar da ta gabaci rabon ne saboda amfanin bayan rabo takin da kansa ya shafe shi. Kusanci kuma ka auna shi da tambaya mai sauƙi da za ka yi wa kowa, wanda ya samu da wanda bai samu ba: "A cikin masu rubuta suna akwai wanda ka sani? Me ke tsakaninku?" Sai ka ware amsar zuwa dangi, surukuta, maƙwabtaka, sanayya kawai, ko babu. Batun jam'iyya kada ka tambayi wa ya zaɓa. Ƙuri'a sirri ce, kuma amsar da za ka samu ta ladabi ce kawai. Tambayi abin da yake a bayyane, kamar ko akwai mai riƙe da muƙamin jam'iyya a gidan ko wanda ya yi wakilin akwati, ka bar ta a ƙarshe, ka kuma faɗa cewa ana iya tsallake ta. Gwada takardar a gida goma a wani ƙauyen da ba ya cikin takwas ɗin kafin ka buga ta da yawa. In kana da waya mai kyau, manhajar KoboToolbox tana aiki ko babu sabis, amma takarda da biro ma sun isa gida 120.

Lambobi za su nuna maka wa ya samu, ba za su gaya maka yadda aka yanke ba. Don haka ka ƙara hira mai zurfi da mutum 12 zuwa 15: 'yan kwamiti, malamin gona, dagaci, shugaban ƙungiyar manoma, mai kula da sito, da dillalan taki biyu. Kada ka shiga da "me ya sa kuke karkatarwa". Ka ce, "buhu nawa aka turo muku, mutum nawa suka nema, yaya kuka yi?" Mutumin da aka ba buhu 300 alhali magidanta 2,000 suna ƙofarsa dole ya bi wata hanya ta zaɓe, rubutacciya ko wadda ba a rubuta ba. Wannan hanyar ita ce zuciyar bincikenka. Takardun rabo kuma ka nema a rubuce ta hannun sashenku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, amma kada ka jingina aikinka a kan takardar da ba ta hannunka. Rubuta a furofozal cewa in ba ta samu ba, za ka dogara da adadin da 'yan kwamiti da mai sito suka faɗa, kana gwada bakin wannan da na wancan. Lokacin fita kuwa bayan kaka ya fi, daga Nuwamba zuwa Janairu. Mutane suna gida, rabon bai yi nisa a zuciya ba, hanyoyin da ambaliya ke yankewa a Agusta da Satumba sun buɗe. Ka kauce wa lokacin yaƙin neman zaɓe, domin a lokacin duk mai yawo da takarda yana tambayar taki an riga an san wa ya aiko shi, ko da babu wanda ya aiko shi.

Ladubban bincike ba sakin layi ɗaya ba ne da ake kwafowa a ce "za a sirranta bayanai". Ka zauna ka tambayi kanka wa zai iya cutuwa, kuma ta wace hanya. Manomin da ya ce maka an hana shi saboda bai bi wane ba, in maganar ta fita, baɗi ma ba zai ga sunansa ba. Shi ya sa gaisuwar da za ka kai wa hakimi da dagaci izinin shiga gari ce kawai, ba yardar manomi ba. Kowane mutum sai ka karanta masa bayani da Hausa: ko kai wane ne, me za ka yi da amsarsa, cewa yana iya ƙi ko ya tsaya a tsakiya. In bai iya rubutu ba ko yana tsoron sa hannu, yardar baki a gaban shaida ta wadatar, muddin ka faɗi haka a furofozal kuma kwamitin ladubba na jami'arku ya amince kafin ka fita. Kada a yi hirar a zauren dagaci, kada ɗan rakiyarka ya zauna yana saurare. Ka maimaita a fili cewa ba sunan tallafi kake rubutawa ba kuma babu buhun da zai biyo baya, domin da zarar an ga baƙo da takarda, abin da ake zato ke nan, amsoshi kuma su karkace. Ga matan da ke cikin gida ka ɗauki mace mai taimaka maka, a nemi izinin maigida kamar yadda aka saba, sannan ita ma matar a nemi yardarta da bakinta.

Sunaye kada su hau takardar tambayoyi. Ba kowane gida lamba, ka ajiye jerin da ke haɗa lamba da suna a wani wuri daban mai makulli, ka ƙone shi bayan an kammala. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman, ka ambace ta. Akwai kuma tarkon da ɗalibai ke faɗawa: su ɓoye sunan mutum amma su rubuta "dagacin ƙauye kaza". Ƙauye dagaci ɗaya gare shi. Sauya sunayen mazaɓun zuwa A, B, C da D, ka ce "wani mai sarauta" ko "wani ɗan kwamiti". Wannan kariya ta shafi 'yan kwamitin ma, ko da ka ji abin da bai yi maka daɗi ba. Sannan ka rubuta jimla biyu a kan kanka: cewa kai ɗan yankin ne, ɗan'uwanka na jini yana cikin irin wannan kwamiti a wata mazaɓa, shi ya sa ka cire ta. Faɗin haka zai ƙara wa aikin ƙima a idon masu dubawa.

Iyakokin aiki kuma ba su ne "ƙarancin kuɗi da lokaci" ba, wannan kowa yana da shi. Abin da ake nema shi ne ka faɗi abin da tsarinka ba zai iya tabbatarwa ba. Da gida 120, duk kason da ka fitar yana iya kaucewa da kusan maki 9 sama ko ƙasa. In ka gwada gida 60 na mazaɓun da aka ci da 60 na waɗanda aka faɗi, sai bambancin ya kai wajen maki 18 kafin ka fara cewa ba sa'a ba ce, kuma tunda gidajen ƙauye ɗaya suna kama da juna, a gaskiya ya fi haka. Misali, in ka sami kashi 45 cikin ɗari a nan, kashi 35 a can, ba ka da hujjar cewa an fifita kowa. Faɗi wannan tun yanzu. Mazaɓu huɗu kuma ba sa magana da yawun Jigawa, kuma alaƙa ba ita ce sababi ba: mai kusanci da kwamiti sau da yawa shi ne mai babbar gona kuma mai kuɗi, don haka sai ka gwada masu ƙarfi iri ɗaya da juna, abin da zai ƙara rage maka adadi. Yadda mazaɓa ta yi zaɓe bai nuna yadda wani gida a cikinta ya yi ba. Waɗanda suka sayar da takinsu da yawa ba za su faɗa ba, don haka lambarka a wannan mataki mafi ƙaranci ce, hirar dillalai ce za ta ɗan cike. A gaban kowace iyaka rubuta abin da ka yi don rage ta.

Mu koma gida. Baffa ya riƙe ka, ya ji a bakin mutane cewa kana rubuta shi a takardar da za ta je birni. Ɓacin ransa ba shaida ba ne cewa yana da laifi, ba kuma shaida ba ne cewa ba shi da shi. Mutumin da aka ji wa ciwo ne, kuma wataƙila yana tsoron abin da abokan zamansa za su ce. Kada ka aika, kada ka yi ta waya. Je ka same shi bayan sallar isha'i lokacin da zaure ya watse, in kana ganin zai yi nauyi ka tafi da wani dattijo da yake jin maganarsa. Ka ce masa, "Baffa, taken da na fara sawa bai dace ba, na canja shi. Ba a garin nan zan yi aikin ba, kuma babu sunan kowa a ciki. So nake in fahimci yadda ake raba kaɗan ga mutane da yawa." Kada ka yi masa alkawarin cewa sakamakon zai wanke 'yan kwamiti, domin ba ka sani ba, kuma alkawarin da ba za ka iya cikawa ba zai fi na yanzu ciwo. In ya huce har ya fara ba ka labarin yadda suke fama, saurara da kyau, zai buɗe maka ido wajen tsara tambayoyi. Amma abin da ya faɗa maka a matsayin uba kada ya shiga kundinka. In kuma bai huce nan take ba, ci gaba da gaisuwa da hidimar da ka saba, ka ba shi lokaci.

In ka auna ka ga ko maƙwabciyar ƙaramar hukumar ma ta yi kusa, akwai mafita biyu. Kana iya ɗaukar wannan tsari kamar yadda yake ka kai shi wata masarauta, a ce ɓangaren Gumel ko Ringim, kuɗin mai ne kawai zai ƙaru. Ko kuma ka yi aiki da bayanan binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya, wanda aka fara a 2010 kuma yana da tambayoyi kan yadda manoma ke samun taki. Wannan ba ya buƙatar ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, sai dai gidajen Jigawa a cikinsa kaɗan ne, dole tambayar ta koma ta Arewa maso Yamma, kuma ba zai nuna maka abin da ke faruwa a wajen rubuta suna ba. Ni dai na fi son ka yi na farkon.

Mako biyar sun isa in ba ka sake rubuta shafi ashirin kafin ka ga malaminka ba. A wannan makon rubuta shafi ɗaya tak: tambayar, bayanai huɗun da ke takara, matakan da buhu ke bi, da mazaɓu huɗu da gida 120. Kai masa da hannunka, ka roƙi minti goma, ka tambaye shi kai tsaye ko wannan ta zama tambaya. Gajeren rubutun da ya yi maka da jan biro ya yi zafi, na sani, amma malami mai ɗalibai da yawa yakan nuna inda ciwon yake ne ya bar maka sauran. In ya amince da shafin, ka ba karatu da sashen hujja mako biyu, tsarin aiki da takardar tambayoyi mako ɗaya, ladubba da iyakoki 'yan kwanaki, ka bar abin da ya rage na makon ƙarshe don gyara. Ka haɗa da takardar neman yarda ta Hausa da daftarin tambayoyin a ƙarshen furofozal ɗin, ka kuma tambayi sashenku tun yanzu ranar da kwamitin ladubba ke zama, domin in ka rasa zama ɗaya fitarka ta bayan kaka tana iya wucewa. Allah ya ba da sa'a, ya kuma daidaita tsakaninka da Baffa.